Kafin Ka Roƙi Hutun Kwaso Iyali, Zauna Ka Yi Lissafi

'Ya'yana ma'aikata, duk wanda aiki ya kai shi wani gari ya bar iyali a baya, akwai ranar da zai ce ya isa haka, dole a haɗu wuri ɗaya. Wannan niyya ce mai kyau, domin zaman miji a Abuja, mata da yara a Kano, ba ya yi wa kowa daɗi, ga tukunya biyu da ake ɗorawa da albashi ɗaya. Sai dai ƙaura tana cin kwanaki, kwanakin kuwa na mai aiki ne, tunda ya riga ya saye su da albashinsa. Shi ya sa mutum yake zuwa ya ce a ba shi hutu ko da ba za a biya shi ba. Na yi shekaru a ofishin kula da ma'aikata, irin wannan buƙata ta sha bi ta hannuna, kuma abin da na gani shi ne yawancin masu nemanta ba a wajen manaja suke faɗuwa ba, tun a gida suke faɗuwa, domin ba su zauna sun ƙirga kwanakin da suke bukata da kuɗin da za su rasa ba.

Abu na farko da nake so ka sani shi ne roƙo za ka yi, ba haƙƙi za ka karɓa ba. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki, da cikakken albashi, ga wanda ya yi wata goma sha biyu yana aiki ba yankewa. Ta tanadi hutun rashin lafiya har kwana goma sha biyu a shekara idan likita ya tabbatar, ta kuma tanadi hutun haihuwa ga mata. Amma babu inda ta tilasta wa mai kamfani ya sake ka ka je ka kwaso iyali, ko da ka yafe albashin. Idan akwai irin wannan dama a wurin aikinka, to a takardar ɗaukarka aiki take, ko a littafin ƙa'idojin ma'aikata, ko a yarjejeniyar da ƙungiyarku ta ƙulla da masu kamfani. Ka nemo waɗannan takardu ka karanta kafin ka buɗe baki. Wanda ya shiga ofishin manaja yana cewa ai ba biyana za ku yi ba, me zai hana ku sake ni, ya manta cewa ba kuɗin ne kaɗai damuwar manaja ba. Damuwarsa kujerar da za ta zauna babu kowa.

Sannan ka tambayi kanka wa ya jawo ƙaurar. Idan wurin aikin ne ya ɗauke ka daga wannan gari zuwa wancan don amfanin kansa, kada ka yi gaggawar cewa ka yafe albashi. Fara tambayar abin da aka tanadar wa wanda aka yi wa canjin wurin aiki. A aikin gwamnatin tarayya akwai alawus na kwana 28 na farko a madadin masauki, kuma kamfanoni da dama suna ba da kuɗin mota ko 'yan kwanakin kintsawa. Na ga mutanen da suka roƙi hutu ba albashi alhali a rubuce yake cewa za a ba su kwanakin da kuɗinsu, kuma babu wanda ya tsaya ya tuna musu. Amma idan kai ka nemi canjin, ko ka daɗe da komawa sabon garin sai yanzu ka samu halin ɗauko iyali, to a nan ne maganar hutun da ba albashi take shigowa. Ko a nan ɗin ma, shi ne na ƙarshe a layi. Ka fara cinye ragowar hutunka na shekara. Idan ma'aikacin gwamnatin tarayya ne kai daga mataki na 07 zuwa sama, kwana talatin gare ka a shekara, ga kuma hutun uzuri na 'yan kwanaki da ake iya ba ka. Sai abin da ya rage bayan waɗannan ne za ka saya da albashinka.

Bari in ba ku labarin wani yaro da na zauna da shi kan wannan magana, domin a jikinsa za ku fi ganin yadda lissafin yake. Mai kula da sito ne a wani kamfanin rarraba kaya. Shi ya nemi a mayar da shi reshen Abuja, aka mayar da shi, ya yi watanni yana raɓe a ɗakin wani abokinsa a Dei-Dei, matarsa da yara uku suna Kano. Ya zo ya same ni ya ce, "Baba, mako ɗaya nake so in roƙa, in je in kwaso su in dawo." Na ce masa, "Ɗana, ka samu gidan da za ka sauke su?" Ya ce tukuna, amma idan aka ba shi hutun zai nema. Na ce masa a nan kuskuren yake.

Neman gida ba aikin hutu ba ne. Aiki ne na ranakun Asabar da Lahadi da bayan an tashi daga ofis, domin ba ka san ranar da zai ƙare ba. Dillali zai kai ka Kubwa yau, gobe ya ce akwai wani a Zuba, jibi mai gidan ya ce ya fasa. A Abuja da kewayenta an saba biyan hayar shekara guda gaba ɗaya, ga kason dillali, ga na lauyan da zai rubuta yarjejeniya, wani wurin har da kuɗin ajiya saboda ɓarna. Idan ka shiga wannan zirga-zirga a cikin kwanakin da ba a biyanka, kullum rana ta faɗi ka yi asara biyu: ba ka samu gida ba, albashin ranar kuma ya tafi. Don haka na ce masa kada ya rubuta komai sai makullin gida yana aljihunsa, ya ga rijiya ko famfo da idonsa, ya duba mitar wuta ya tabbatar wanda ya tashi bai bar bashi a kanta ba, ya kuma je makarantar da yaran za su shiga ya ji abin da ake bukata. Ya yi hakan, ya samu ɗaki biyu da falo a wajen Suleja.

Daga nan muka ɗauki takarda da biro muka jera kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Tafiya Kano, wuni guda, tunda hanyar ta haura kilomita ɗari huɗu ta Kaduna da Zariya, kuma ba a son dare ya riski mutum a kanta. Karɓar takardar canjin makaranta da sakamakon zangon da ya wuce na yara biyu, wuni guda idan an dace shugaban makarantar yana nan, in ba a dace ba biyu. Sallamar mai gidan haya, da biyan bashin wuta da na mai kanti, wuni guda. Ɗaure kaya da neman motar da za ta ɗauka, wuni guda. Sai kuma abin da samari suke mantawa: sallama da mutane. Ba a ɗauke 'yar mutane a kai ta wani gari ba tare da an je an durƙusa gaban iyayenta an yi musu bayani ba, haka kuma mahaifiyarsa da za a bari tana bukatar a zauna da ita a tsara wanda zai riƙa duba ta. Wannan ma wuni ne cur, kuma ba a haɗa shi da ranar loda kaya. Sai ranar tafiya. Sai sauke kaya da kafa gado da gyaran abin da ya karye a hanya. Sai kai yara makaranta a yi musu rajista, wataƙila har da jarrabawar gwaji. Da muka gama jerawa, kwana takwas na aiki suka fito, ban da Asabar da Lahadi da ke tsakani. Na ce ya ƙara biyu a kai, domin direban da ya ce zai zo da asuba yana iya zuwa da la'asar, yaro kuma yana iya tashi da zazzaɓi a daren tafiya. Kwana goma ke nan, ninki biyu na abin da ya yi niyyar roƙa.

Ya ce, "Baba, kwana goma ba za su yi yawa a idon manaja ba?" Na ce masa abin da ya fi ɓata wa manaja rai ba yawan kwanaki ba ne, a'a, a ce masa biyar sannan ranar da yake jiran mutum sai waya ta shigo ana neman ƙari. Wanda ya roƙi goma ya dawo a ta tara ya zama mai cika alkawari. Wanda ya roƙi biyar ya dawo a ta takwas ya zama mai saɓawa, alhali ya ma fi wancan saurin dawowa. Roƙo sau ɗaya ake yinsa, a roƙi abin da zai isa.

Sai muka koma kan kuɗi, wanda shi ne wurin da na fi so ku tsaya ku fahimta. Mu ɗauka abin da yake shiga hannunsa a wata naira 180,000 ne. Wasu wuraren suna raba albashi gida talatin, kowace rana ta kama naira 6,000. Wasu kuma da ranakun aiki suke rabawa, kamar 22 a wata, sai rana ta kama wajen naira 8,180. Kada ka ga na farkon ya fi sauƙi ka yi murna, domin masu rabawa da talatin sukan ƙirga har Asabar da Lahadin da suka faɗo a tsakiyar hutun. Daga Litinin zuwa Juma'ar mako na biyu kwana goma sha biyu ne a wajensu, naira 72,000 ke nan. Masu ƙirga ranakun aiki kuwa za su cire kwana goma, wajen naira 81,800. Ka je wurin akanta ka tambaye shi da bakinka yadda suke yi, kada ka yi zato.

Yaron nan yana da bashin ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata, ana cire masa naira 40,000 duk wata. Wannan cirewa ba ta san kana hutu ba. Da a ce duk kwana goman ba albashi ya ɗauke su, a lissafin ranakun aiki abin da zai rage masa a ƙarshen wata bai kai naira 60,000 ba, a watan da ya biya haya, ya biya mota, ga kuɗin makaranta da sabbin kayan makaranta suna jira. Da muka duba sai muka ga yana da ragowar kwana huɗu na hutun shekara. Aka sa su a gaba, kwana shida kawai suka zama na rashin albashi, abin da za a cire ya sauko zuwa wajen naira 49,000. Ya kuma je ya roƙi shugabannin ƙungiyar su ɗaga masa biyan wata ɗaya, suka yarda, domin ya je musu tun kafin lokaci. Akwai kuma ɗan abin da ba a gani nan take: kuɗin fansho. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari, mai aiki yana zuba aƙalla kashi 10, kuma idan albashin wata ya ragu, abin da ake zubawa ma yakan ragu. A kwana shida wannan ba wani abu ba ne. Amma wanda yake tunanin ɗaukar wata biyu ko uku, ya tambaya a rubuce ko katin asibitinsa zai ci gaba da aiki, da kuma ko za a ƙirga watannin a cikin shekarun aikinsa.

Ka kuma tambayi ranar da ake rufe lissafin albashi. Wurare da yawa suna rufewa tun kafin wata ya ƙare. Idan hutunka ya faɗo bayan an rufe, za ka ga albashi ya shigo cif, ka ɗauka an yafe maka, ka kashe, sai wata mai zuwa a zare kuɗin a lokacin da aljihu ya riga ya bushe. Sanin watan da za a cire yana ba ka damar ware kuɗin cefane tun da wuri.

Bayan kwanaki da kuɗi, sai lokaci. Nan dole ka duba kalanda biyu, ta gidanka da ta wurin aikinka. Ta gida tana cewa a tashi a lokacin dogon hutun makaranta, yara su fara sabuwar shekarar karatu a watan Satumba tare da sauran yara, kada a cire su a tsakiyar zango a yi asarar kuɗin da aka biya. Ta wurin aiki kuwa kowa ya san lokacin da ba a taɓa shi. Mai sito ba ya tafiya a ƙarshen wata lokacin ƙidayar kaya, akanta ba ya tafiya lokacin rufe littafi, mai shagon tufafi ba ya sakin yaransa ana saura mako biyu Sallah. Yaron nan ya zaɓi ya fara daga Litinin ta farko a watan Satumba, bayan an gama ƙidayar Agusta, ya kuma kai buƙatarsa tun saura mako biyar. Tunda damina ce, na ce ya tabbatar motar tana da tamfol mai kyau, ya sa katifu a leda, ya kuma riƙe rasit na talabijin da janareto da takardun babur a jakar hannunsa, ba a cikin akwatin da ke ƙasan kaya ba, saboda masu tsayar da mota a hanya.

Yadda ake kai maganar ma yana da tsari. Ka fara samun shugabanka na kusa baki da baki, a lokacin da hankalinsa yake kwance, kada ya fara jin labarin daga sama ko daga bakin abokan aiki. Kuma kada ka je masa da matsala tsirara, ka je da maganinta. Yaron nan ya ce wa manajansa, "Yallaɓai, na samu gida, ina so in ɗauko iyalina. Ina roƙon kwana goma, huɗu daga hutuna na shekara, shida ba albashi. Na yi magana da mataimakina, ya yarda zai riƙe sito, zan kuma ƙirga kaya tare da shi mu sa hannu kafin in tafi." Ka lura bai tsaya dogon labarin wahalar da yake sha ba. Ya faɗi dalili a taƙaice, ya faɗi adadi, ya faɗi wanda zai riƙe aiki.

Bayan an yi magana, sai takarda. A cikinta ka rubuta ranar farawa, da ranar ƙarshe, da ranar da za a gan ka a bakin aiki, kowace da sunan ranar da kwanan wata. Ka bambance kwanakin da suke na hutun shekara da waɗanda ba albashi. Ka sa sunan wanda zai riƙe maka aiki da lambar da za a same ka. Sannan, ina roƙonku da girman Allah, kada kowa ya hau mota sai amsa ta fito a rubuce, da sa hannu, ya kuma riƙe kwafinta. "Je ka, ba komai" ba izini ba ne da za ka iya nunawa gobe. Manajan da ya faɗa maka haka ana iya canja shi kafin ka dawo, ko ya manta, ko na sama da shi ya tambaya ya ce bai sani ba. A ƙa'idojin aikin gwamnati, rashin zuwa aiki ba da izini ba yana cikin manyan laifuffukan da ke iya kai mutum ga kora, kamfanoni ma haka suke ɗaukarsa. Na ga magidanci ya dawo daga kwaso iyali ya tarar da takardar tuhuma tana jiransa, ga shi ya biya hayar shekara a garin da bai san kowa ba, kuma ba shi da abin da zai kare kansa da shi sai cewa ai an ce in tafi.

Idan aka ce a'a fa? Kada ka yi fushi, kada kuma ka yi barazanar ajiye aiki alhali ba ka da wani a hannu. Tambayi abin da ya hana. Sau da yawa lokacin ne bai dace ba, ko tsawon ne ya yi yawa a haɗe. Kana iya matsar da shi mako biyu, ko ka raba shi gida biyu: Alhamis zuwa Litinin ka je ka gama takardu da sallama, bayan mako biyu ka sake ɗaukar wasu kwanakin a yi tafiyar. Ƙaninka ko wani amintacce yana iya rako motar kaya, kai ka tarbe ta. Abin da ban yarda ka yi ba shi ne ƙaryar ciwo ko ƙaryar rasuwa. Ƙaura ba ta ɓoyuwa, ranar da abokin aikinka ya ga yaranka a unguwa maganar ta fito, kuma daga ranar ko gaskiya ka faɗa sai an yi shakka.

Ke ma 'yata, idan maigidanki ne aka mayar wani gari kina kuma da naki aikin, duk wannan lissafi ya shafe ki, har da ƙari ɗaya. Ki rarrabe tsakanin hutun kai yara da kintsa gida ki dawo, da kuma tashi gaba ɗaya. Idan kin san ba za ki dawo ba, kada ki karɓi hutu ki ɓace. Ki nemi canjin wurin aiki idan suna da reshe a can, in babu ki ba da sanarwar ajiye aiki yadda takardarki ta tanada, ki fita ta ƙofa, domin takardar shaidar da za su ba ki ita za ki nuna a sabon garin.

Idan kuma kana can wani abu ya faru da ya fi ƙarfinka, mota ta lalace ko wani ya kwanta asibiti, ka sanar tun kafin ranar dawowarka ta cika, ka kira sannan ka bi da saƙo a rubuce, ka faɗi sabuwar ranar. Yaron da na ba ku labarinsa bai bukaci haka ba. Motar kayansa ta makara da wuni guda, ɗaya daga cikin kwana biyun da muka ƙara ya shanye wannan, ranar Litinin da ya rubuta kuma ƙarfe takwas ta same shi a bakin sito yana karɓar makulli.

Wannan dawowa a kan lokaci ba kai kaɗai take yi wa amfani ba. Tunda doka ba ta tilasta ba, manaja da abin da ya gani a baya yake yanke hukunci. Idan ka cika alkawari, wanda zai zo bayanka da irin buƙatarka zai samu ƙofa a buɗe. Idan ka saɓa, za a ce masa an daina, kuma ba zai taɓa sanin kai ka jawo masa ba. Ku riƙe wannan amana. Allah Ya sa ku sauka lafiya, Ya haɗa ku da maƙwabta nagari, Ya sa garin ya karɓe ku.